Riba biyu a rubutu ɗaya: fassarar riba da zakka zuwa Turanci da Hausa

Tambaya: Malam, an ba ni aikin mayar da takardun bayani na wata cibiyar hada-hadar kuɗi ta Musulunci daga Turanci zuwa Hausa, kuma kalmomi irin su riba da zakka sun tsaya mini a wuya. Yaya zan yi da su ba tare da na karkatar da ma'anarsu ba?

Amsa: Abu na farko da zan roƙe ka shi ne ka daina ɗaukar Turancin da ke gabanka a matsayin asali. Shi ma fassara ne, domin waɗannan kalmomi a littattafan fiƙihu aka yi musu iyaka, da Larabci, kuma wanda ya rubuta takardar da Turanci ya riga ya yi zaɓi, wani lokaci zaɓin da ya rage wa kalmar faɗi ko ya ƙara mata abin da ba nata ba. Idan ka bi Turancin kai tsaye, za ka gaji kuskurensa sannan ka ɗora naka a kai. Kuma abin da na gani a shekarun da na yi ina wannan aiki shi ne haɗarin ya fi yawa a ɓangaren Hausa, saboda Bature ya san kalmar baƙuwa ce a wurinsa, yana taka-tsantsan da ita, alhali mu muna ganin ta a matsayin 'yar gida, sai mu wuce ba mu tambayi asalinta ba.

Kalmar riba ita ce babban misalin wannan. A rubutun boko kalmomi biyu ne suka haɗu a haruffa huɗu. Akwai ribar da ɗan kasuwa yake nema, wadda ake cewa an ci riba ko an yi asara, kuma ita ta samo asali daga kalmar Larabci ribhu, mai harafin ha a ƙarshe. Akwai kuma ribar da Alƙur'ani ya haramta, wadda tushenta daban ne, yana nufin ƙari da hauhawa. A baki Bahaushe yana rarrabe su, domin ta kasuwa ana jan wasalinta na farko, ta haramun kuwa ana gajarta shi, kuma sautinsu ba ɗaya ba ne. Amma boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti, don haka a kan takarda ba su da bambanci ko kaɗan. Duba ma'anar aya ta 275 ta Suratul Baƙara, inda Allah ya halatta ciniki kuma ya haramta riba. Wanda ya taso yana jin tafsiri zai karanta ta daidai, amma jimlar ita kaɗai, a idon wanda bai da wannan shimfiɗa, tana iya nufin an halatta saye da sayarwa an kuma hana samun komai a kai, wanda shi ne kishiyar abin da ayar ta zo da shi.

A takardar wa'azi wannan ruɗani ba ya daɗewa, mahallin magana yana warware shi. A takardar banki kuwa kalmomin biyu suna zuwa a sakin layi ɗaya, wani lokaci a jimla ɗaya, kuma a nan ne fassara take rushewa. Bari mu ɗauki yarjejeniyar murabaha, wadda sunanta kansa daga tushen ribar kasuwa yake. Wani mai sana'a yana buƙatar injin da kuɗinsa ya kai 1,000,000. Banki ya saya da kuɗinsa, injin ya shiga mallakarsa, sannan ya sayar wa mai sana'ar a kan 1,200,000, bayan ya bayyana masa nawa ya saya da nawa ya ɗora, za a biya cikin wata 12, kowane wata 100,000. Takardar Turanci za ta ce cibiyar ba ta karɓar “interest”, abin da take samu “profit” ne. Mai fassarar da ya bi ƙamus zai rubuta cewa cibiyar ba ta karɓar riba, abin da take samu riba ne. Na taɓa ganin daftari mai kusan wannan jimlar, an riga an duba shi sau biyu ba wanda ya lura, domin duk waɗanda suka duba suna da Turancin a gefe, suna karanta Hausar da ma'anar da suka riga suka sani. Sai da aka karanta wa wani dattijo ɗan kasuwa da ƙarfi, ya ɗaga hannu ya ce a maimaita, sannan ya tambaya ko ana karɓa ne ko ba a karɓa.

Maganin da na tsaya a kansa shi ne kada ɗaya daga cikin kalmomin biyu ta fito tsirara a takardar da ta ƙunshi 'yar'uwarta. Ta halal a rubuta ta ribar ciniki, ta haramun kuwa a rubuta ta haramtacciyar riba, ko ribar da shari'a ta haramta, kuma a riƙe wannan daga shafin farko har na ƙarshe, ko da maimaicin ya yi wa salon nauyi. Jimlar da ke sama sai ta zama: cibiyar ba ta karɓar kuɗin ruwa, wanda yake cikin ribar da shari'a ta haramta, abin da take samu shi ne ribar ciniki a kan kayan da ta saya ta sayar. Ta yi tsawo, amma ba mai karanta ta ya fahimci akasinta.

Ka lura na ce kuɗin ruwa yana cikin haramtacciyar riba, ban ce shi ne ita ba, kuma da gangan na faɗi haka. Kuɗin ruwa fassara ce mai kyau ga “interest”, wato ƙarin da ake shardantawa a kan rance ko a kan bashi saboda jinkirin biya. Wannan shi ne nau'in da Larabawa suka sani kafin Musulunci, inda mai bin bashi yake cewa ko ka biya ko ka ƙara, kuma shi ne aya ta 279 ta Baƙara ta rufe ƙofarsa da cewa idan kun tuba kuna da uwar kuɗinku, ba ku zalunta ba, ba a zalunce ku ba. Amma akwai wata ƙofar da kuɗin ruwa bai isa ya rufe ta ba, ita ce ribar da take shiga musayar kaya. Hadisin Ubada ɗan Samit ya ambaci abubuwa shida, zinariya da azurfa da alkama da sha'ir da dabino da gishiri, ya shardanta cewa idan za a musanya jinsi da jinsinsa sai daidai wa daida kuma hannu da hannu, idan jinsin ya bambanta a sayar yadda aka so amma hannu da hannu. Kuma a hadisin Abu Sa'id, Bilal ya kawo wa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, dabino mai kyau wanda ya samo ta hanyar bayar da sa'i biyu na maras kyau ya karɓi sa'i ɗaya, sai Annabi ya ce wannan ita ce ainihin riba, ya umarce shi da ya sayar da nasa tukuna sannan ya sayi mai kyau da kuɗin. Babu rance a wannan labari, babu jinkiri, babu abin da Bahaushe zai kira kuɗin ruwa ko Bature ya kira “interest”, amma riba ce. Malamai suna kiran wannan ribal fadli, wato ribar fifiko, ta jinkiri kuma ribannasi'a.

Amfanin wannan bayani ga mai fassara yana bayyana ne idan ya isa sashen canjin kuɗi ko cinikin zinariya. Takardar za ta ce dole a karɓi kuɗin biyu a zaman ciniki don guje wa riba. Idan ka rubuta don guje wa kuɗin ruwa, mai karatu zai ce ai ba wanda ya nemi ƙari a nan, sharaɗin ba shi da dalili, sai ya yi sakaci da shi. A wannan wuri haramtacciyar riba kaɗai ce za ta yi aiki, tare da ɗan bayani cewa jinkirta karɓar ɗaya daga cikin kuɗin biyu shi kansa riba ne ko da ba a ƙara ko sisi ba. Wannan ma shi ya sa lakabin banki maras kuɗin ruwa, wanda Babban Bankin Nijeriya ya yi amfani da Turancinsa a ƙa'idojin da ya fitar a 2011, yake da kyau a matsayin sunan hukuma amma bai kamata a ɗauke shi cikakkiyar ma'anar abin da shari'a ta hana ba.

Ɗaya kalmar Turancin da za ka ci karo da ita ita ce “usury”, kuma ita illarta ta wani ɓangaren ce. A da tana nufin duk wani ƙari a kan rance, kaɗan ne ko mai yawa, kuma a lokacin ta dace da ribar rance sosai. Amma a 1545 dokar Ingila ta yarda da ƙarin da bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba, daga nan ma'anarta ta riƙa ƙuntata har ta tsaya a kan ƙarin da ya wuce kima. Mai karanta Turanci a yau idan ya ga an haramta “usury” zai fahimci cewa tsawwalawa aka hana, matsakaicin ƙari ba laifi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin akwai waɗanda suka tafi a kan haka suna kafa hujja da aya ta 130 ta Ali Imrana, mai hana cin riba ninkin-ba-ninki, alhali taron malamai na Azhar a 1965 da Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a 1985 duk sun yanke cewa ƙarin da aka shardanta a kan rance riba ne, ƙanƙani ne ko babba. Cibiyar da kake wa aiki a kan wannan matsaya ta biyu aka gina ta. Saboda haka idan ka fassara kalmar da kuɗin ruwa mai yawa ko kuɗin ruwa na zalunci, ka shigar da fatawar da masu takardar ba su yarda da ita ba, kuma ka yi hakan ba tare da ka sani ba. Idan kuwa Turanci kake rubutawa, shawarata ita ce ka bar kalmar Larabcin yadda take, ka yi mata ma'ana a farkon zuwanta, kamar yadda ƙa'idojin hukumar AAOIFI da ke Bahrain, mai tsara mizanin aiki ga cibiyoyin kuɗi na Musulunci, suke yi a bugunsu na Turanci.

Mu koma kan injin nan, domin akwai sauran tarko a cikinsa, kuma a wannan karon Hausa ce ta fi Turanci kayan aiki. Muna da aro, muna da rance, muna da bashi. Aro shi ne ka karɓi abu ka yi amfani da shi ka mayar da shi kansa, abin da fiƙihu yake kira ariya. Rance shi ne ka karɓi kuɗi ko hatsi ka kashe ka mayar da kwatankwacinsa, wato ƙardu. Bashi kuwa ya fi faɗi, shi ne duk abin da ya hau wuyanka, ko ta hanyar rance ko ta hanyar sayen kaya da jinkirin biya, wato dainu. Turanci yana haɗa aro da rance a kalmar “loan”, kuma ma'aikatan banki sukan faɗe ta har a kan murabaha saboda sabo. Mai sana'ar nan bai ci rance ba. Ya sayi inji, 1,200,000 ɗin kuma bashi ne na kuɗin kaya. Idan ka rubuta cewa banki ya ba shi rancen 1,000,000 zai mayar da 1,200,000, to ka siffanta haramtacciyar riba tsantsa da hannunka, ka kuma ba wa masu cewa duk kanwar ja ce hujja daga takardar cibiyar kanta. Aikatau ɗin jimla ma a kula da su: banki ya saya, ya mallaka, ya sayar, abokin ciniki ya biya kashi-kashi. Duk inda ka ga alƙalaminka yana son rubuta ya ranta ko ya mayar, ka tsaya ka sake duba.

Wurin da ake gane ko fassarar ta tsaya da ƙafarta shi ne sashen jinkirin biya. A ce mai sana'ar ya makara wata uku. A murabaha farashin ba ya motsi, 1,200,000 ne ko an biya a kan lokaci ko an makara, domin ƙara wa bashi saboda lokaci shi ne ainihin abin da aka hana. Abin da cibiyoyi da yawa suke yi shi ne su sa abokin ciniki ya ɗauki alkawari tun farko cewa idan ya yi taurin bashi alhali yana da hali, zai ba da wani adadi sadaka, cibiyar ta karɓa ta miƙa ga ayyukan alheri a ƙarƙashin kulawar kwamitinta na shari'a, ba ta sa shi cikin abin da ta samu. Idan ka taƙaita wannan da kalmar tara ka yi shiru, mai karatu zai ɗauka aljihun banki za ta shiga. Dole jimlar Hausar ta faɗi wanda zai biya, da sharaɗin biyan, da inda kuɗin za su tafi, ko da Turancin ya dunƙule su a kalmomi biyu.

Zakka ba ta da matsalar tagwayen haruffa, kuma Hausa ta riƙe ta da kyau, don haka a ɓangarenmu ka rubuta zakka kawai, kada ka nemi wata kalma. Damuwar tana zuwa ne daga Turancin da aka yi mata riga da shi. Idan aka ce “charity” ko “alms” an mayar da ita kyautar ganin dama, alhali farilla ce mai adadi da lokaci da waɗanda aka ƙayyade su karɓa. Idan aka ce “tax” an kama wajabcin an saki ibadar da niyyar da ke cikinta, an kuma buɗe ƙofar a ɗauka hukuma tana iya kashe ta a duk inda ta ga dama. Mai fassara da ya bi waɗannan zai rubuta sadaka ko haraji, kuma dukansu biyun kuskure ne a Hausa, domin sadaka a bakinmu ta nafila ce, haraji kuma na gwamnati ne. Sai dai ka yi hattara da juyin wannan: Alƙur'ani da kansa yana kiran zakka da lafazin sadaka, kamar a aya ta 60 ta Suratut Tauba wadda ta lissafa rukuni takwas na masu karɓa, da aya ta 103. Idan takardarka ta kawo waɗannan ayoyi, sai ka nuna cewa sadakar farilla ake nufi, wato zakka, don kada a ɗauka duk wata sadaka sai ga mutum takwas ɗin nan.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi a babin zakka yana ɓoye ne a kalmar nisabi. Nisabin zinariya misƙali 20 ne, wanda ake ƙiyastawa da giram 85, na azurfa kuma dirhami 200, kimanin giram 595, abin fitarwa kuwa kashi 2.5 cikin ɗari. Masu rubutu da Turanci sukan aro wa nisabi kalmomin dokar haraji, waɗanda suke nufin adadin da aka yafe, sai abin da ya haura shi ake cirewa. Nisabi ba haka yake ba. Wanda yake da giram 100 na zinariya da shekara ta zagayo a kansu zai fitar da giram 2.5, domin daga dukan dukiyar ake cirewa. Idan fassarar ta ce ana fitar da zakka daga abin da ya haura nisabi, mutumin zai lissafa a kan giram 15 kawai, ya fitar da giram 0.375, ya tauye haƙƙin mabuƙata fiye da kashi 80 cikin ɗari yana ganin ya sauke farali. Jimlar da ta dace ita ce idan dukiya ta kai nisabi, ana fitar da zakka daga dukanta. Bambancin ta kai da ta haura, da kuma kalmar dukanta, su ne suke riƙe da hukuncin. Haka nan shekarar da ake nufi ta wata ce, mai kwana 354 ko kusa da haka, don haka ka rubuta shekarar Hijira ko shekarar wata a fili. Kamfanonin da suke rufe lissafinsu da shekarar rana sukan yi amfani da kimanin kashi 2.577 don cike gurbin kwana 11 da ke tsakani, kuma idan ka ga wannan adadi kada ka ɗauka kuskuren bugu ne ka gyara shi.

Akwai kuma faƙiri da miskini, waɗanda Turanci yakan haɗe su ko ya jera su kamar ma'anarsu ɗaya. A mazhabar Malikiyya faƙiri yana da ɗan abin da ba zai ishe shi shekara ba, miskini kuwa ba shi da komai, a wurin Shafi'iyya kuma faƙiri ne ya fi shiga matsi. Ka bar kalmomin biyu yadda suke, ka tambayi kwamitin shari'a na cibiyar ma'anar da suka ɗauka, kada kuma ka maye gurbinsu da talaka, domin talaka a Hausa yana iya zama wanda ba ya riƙe da sarauta ko mulki kawai, yana da gonarsa da dabbobinsa, har zakka ta wajaba a kansa.

Game da tsarin aikin kansa, kafin ka fassara jimla ko ɗaya ka fitar da kalmomin fiƙihun da ke cikin takardar, ka rubuta wa kowace asalinta na Larabci, da ma'anarta a jimla guda, da lafazin Hausa ɗaya tak da za ka riƙa amfani da shi, sannan ka kai wa malamin fiƙihun mu'amala ya sa hannu. Idan daftarin ya kammala, ka gwada shi ta hanya biyu, domin kowace tana kama abin da ɗayar ba ta kamawa. Ka ba wanda bai taɓa ganin Turancin ba ya karanta a zuci, ka tambaye shi nawa mai injin zai biya idan ya makara wata uku, da nawa mai giram 100 zai fitar. Idan bai ce 1,200,000 da giram 2.5 ba, akwai jimlar da ta karkace. Sannan ka sa wani ya karanta da ƙarfi kana sauraro, ka lura da duk inda ya yi jinkiri kafin ya furta riba yana neman ya gane wacce ake nufi. Kowane wuri da ya tsaya, ka yi masa alama, ka koma ka ƙara ciniki ko haramtacciya a gefen kalmar.